Alhaji ya ce in rubuta "babu wanda zai rasa aikinsa", alhali kujeru huɗu za su tafi

Assalamu alaikum Malam. Ni ce manajar ma'aikata a wani kamfanin robobi da ke Sharaɗa. Alhaji mai kamfanin ya yanke shawarar haɗe sashen sayarwa, mai mutum 14, da sashen jigila, mai mutum 22, nan da mako shida. Kujeru huɗu za su tafi: ta shugaba ɗaya, ta akawu biyu cikin biyar, da ta mai kula da lodi ɗaya cikin biyu. Muna da gurbi biyu a sito. Alhaji ya riga ya zaɓi shugaban sayarwa, wanda matashi ne, ya riƙe sabon sashen. Shi kuwa shugaban jigila shekararsa 19 a nan, shi ya koya mini aiki, Baba nake ce masa. An ce in rubuta wa ma'aikata wasiƙa, in sa cewa babu wanda zai rasa aikinsa, kuma za a yi intabiyu kafin a naɗa shugaba, don kada hankali ya tashi. Kwana uku ke nan ina rubutawa ina yagawa. Yaya zan yi?

Wata manaja, Sharaɗa, Kano

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki ajiye biron tukuna, domin abin da ya hana wasiƙar nan rubutuwa ba ya cikin takarda, yana ofishin Alhaji. Jimlolin nan biyu ba za su shiga ba, kuma sai kin koma kin samu amincewarsa a kan haka kafin ki sake zama ki rubuta ko harafi ɗaya.

Kada ki shiga masa da wa'azi, ya fi ki sanin hukuncin ƙarya. Ki shiga masa da lissafi. Ki ce: Ranka ya daɗe, takardar da za ta fita ɗauke da sunan kamfani da sa hannunka, nan da wata biyu tana aljihun wanda muka sallama. Idan ya je Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a nan Kano, ita ce takarda ta farko da lauyansa zai miƙa. Sannan ki tuna masa da mutum talatin da biyun da za su rage. Su ne za su ci gaba da riƙe makullan motocinsa da kuɗin dilolinsa, kuma za su gani da idonsu cewa an ce ba za a sallami kowa ba aka sallama. Daga ranar duk sanarwar da aka manna a allo, ko ta ƙarin albashi ce, sai sun duba bayanta. Na taɓa aiki a wata masaƙa inda aka yi irin wannan romon baka. An zauna lafiya na mako uku. Da gaskiya ta fito, waɗanda suka fara ajiye aiki su ne ƙwararrun da ba a taɓa tunanin sallamarsu ba, saboda su ne suke da inda za su je.

Maganar intabiyu ta ma fi muni, don cin fuska ce. Dattijo zai sa manyan kaya, ya kwana yana haɗa takardu, ya zauna gaban mutanen da suka san an gama magana. Kuma zancen duniya ba ya ɓuya, balle a kamfanin da direban Alhaji yake cin abinci da direbobin jigila. Alhaji yana da ikon zaɓar wanda yake so ya riƙe masa sashe. Sai ya zaɓa a fili, ya faɗi dalili.

In ya amince, akwai abin da doka ta ɗora muku kafin wasiƙa. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya yi magana kan rage ma'aikata saboda sun fi aikin yawa, wato daidai halin da kuke ciki. Ya ce a sanar da ƙungiyar ƙwadago, ko wakilin ma'aikata, dalilin ragin da kuma yawan waɗanda zai shafa. Ya ce a cikin rukunin da za a rage, wanda ya zo ƙarshe shi zai fara fita, amma tare da duba ƙwarewa da iya aiki da riƙon amana. Ya kuma ce kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa wajen sasantawa kan kuɗin sallama. Dokar ba ta yanka adadin kuɗin ba, abin tattaunawa ne, sai dai in takardar ɗaukar aikinku ko yarjejeniyarku da ƙungiya ta riga ta yanka. Saboda haka wakilin ma'aikata zai ji daga bakinki kafin ya gani a allo. In babu ƙungiya a kamfaninku, ai kin san dattijon da direbobi suke turowa in suna da kuka, da wanda akawu suke turowa. Su za ki kira, ki kuma rubuta ranar da kuka zauna da abin da aka faɗa.

Ga yadda lissafinki ya tsaya. Gurbi biyu na sito za su ɗauke akawu ɗaya da mai kula da lodi ɗaya. Saura akawu ɗaya da Baba. Ke nan mafi munin abin da zai faru shi ne mutum biyu su bar kamfani. Wannan lamba ita ce zuciyar wasiƙarki, kuma ita ce za ta kwantar da hankalin da Alhaji yake tsoron ya tashi. In ba ki faɗi lamba ba, kowa cikin mutum 36 zai ɗauka da shi ake, ya kwana yana lissafin kuɗin haya da na makarantar yara. In kika ce kujeru huɗu ne, ga rukunansu, direbobi da yaran mota da masu bin kasuwa duk sun fita daga zullumi tun a layi na biyar. Mutum tara ne kawai abin ya rataya a kansu: shugabanni biyu, akawu biyar, masu kula da lodi biyu. Waɗannan taran kuwa ba a wasiƙa za su fara ji ba.

Wannan ƙa'ida ki riƙe ta da kyau: wasiƙar da za a raba wa kowa ba ita ce za ta fara kai wa mutum labarin kansa ba. Baba za a fara gani, kuma Alhaji ne zai faɗa masa da bakinsa, ke kina zaune. Na san za ki so ki riga shi, ki je gida ki shafa masa a hankali saboda alherin da ya yi miki. Kada ki yi. In ya ji daga bakinki zai ɗauka Alhaji ya raina shi har ya aiko masa yarinyar da ya koya wa aiki, ke kuma za ki shiga tsaka mai wuya in ya ce ki roƙa masa. Abin da za ki iya yi masa ya fi haka amfani: ki tabbatar ba a shiga wannan zama hannu rabbana ba. A je da zaɓi biyu na gaske a rubuce. Ko dai ya yi ritaya da haƙƙoƙinsa a lissafe, naira da kwabo, da ranar biya. Ko kuma a ba shi aikin da yake akwai shi da gaske, misali kula da lafiyar motoci da gareji da kayan gyara, yana kai rahoto kai tsaye ga janar manaja, albashinsa bai ragu ba. Abin da ba na so a yi masa shi ne a ƙirƙiro masa muƙamin "mai ba da shawara", a ba shi tebur babu fayil. Irin wannan kujera tana cin mutum a hankali, kuma yaran da ya horar suna kallo. A ba shi kwana biyu ko uku ya yi shawara da iyalinsa.

Ki sani kuma, lamarin Baba a doka ya bambanta da na akawu. Ma'anar "ma'aikaci" a Dokar Ƙwadago ba ta haɗa da masu riƙe da aikin gudanarwa da shugabanci ba, don haka abin da zai yi hukunci a kansa shi ne takardar ɗaukarsa aiki da kundin ƙa'idojin kamfani. Ki zaro fayil ɗinsa yau ki karanta abin da aka rubuta kan notis da garatuti. Fayil mai shekara 19 yakan zo da abin mamaki: wani lokaci wasiƙar ƙarin girma ta canza tsawon notis kowa ya manta. Ki nuna wa lauyan kamfani kafin a faɗa masa adadi.

Bayan Baba sai matashin da aka zaɓa. Shi abin da zai ji daban ne: ya kama bakinsa har wasiƙa ta fita, kada a ga haƙoransa a waje, kuma ranar farko shi zai taka ya je ofishin Baba ya gaishe shi, ba zai aika a kira shi ba. Daga nan sai akawu biyar da masu kula da lodi biyu, ɗaya bayan ɗaya, a safiyar ranar da wasiƙa za ta fita. Minti goma-goma ya isa. Kada tazarar da ke tsakanin ganinsu da fitar wasiƙa ta wuce awa biyu ko uku, domin da na farko ya fito daga ofishinki labari ya kama hanya.

Yanzu ga wasiƙar. Na rubuta miki ita a kan cewa Baba ya zaɓi zama. In ritaya ya zaɓa, jimla ɗaya ce za ta canza, kuma shi za ki nuna wa jimlar ya yarda da ita kafin ta fita.

"Assalamu alaikum. Daga ranar 1 ga watan gobe, sashen sayarwa da sashen jigila za su koma sashe ɗaya mai suna Sashen Oda da Isar da Kaya. An riga an yanke wannan shawara, kuma ga dalilinta da abin da za ta shafa.

"A yanzu oda ɗaya tana bi ta hannun shugabanni biyu da littafi biyu kafin mota ta fita. Mai sayarwa yakan yi wa dila alkawarin rana bai san ko akwai mota ba, mai tsara lodi kuma yakan fitar da mota rabin lodi bai san akwai wata oda ta hanya ɗaya da ke tafe ba. Wannan laifin tsari ne da kamfani ya shimfiɗa, ba laifin ma'aikatan kowane sashe ba. Yana jawo mana jinkiri da asarar man gas, kuma muna so mu rage kashe kuɗi.

"Sassan biyu suna da kujeru 36. Sabon sashen zai kasance da 32. Kujerun da za su tafi su ne: ta shugaba ɗaya, ta akawu biyu, ta mai kula da lodi ɗaya. Babu kujerar direba, ko yaron mota, ko mai bin kasuwa da wannan canji ya shafa.

"Shugaban sayarwa na yanzu shi zai riƙe sabon sashen. Shugaban jigila, bayan shekara 19 yana riƙe da wannan aiki, zai koma kula da motoci da gareji a ƙarƙashin janar manaja. Akwai gurbi biyu a sito, ɗaya na akawu, ɗaya na mai kula da lodi. Wannan na nufin akawu ɗaya zai bar kamfani. Mun riga mun zauna da duk waɗanda abin ya shafa da kuma wakilan ma'aikata. Za a duba daɗewa a aiki, tare da ƙwarewa da riƙon amana kamar yadda suke a fayil, kuma kowa zai san matsayinsa a rubuce kafin ranar 20 ga wannan wata.

"Albashin kowa, da kamashon masu sayarwa, da alawus ɗin tafiya na direbobi, suna nan yadda suke. Ba mu gama tsara yadda za a raba ofisoshi da lokutan aiki ba. Za mu sanar da ku ranar 27. Kafin ranar haɗewa kowa ya ci gaba da kai rahoto ga shugabansa na yanzu.

"Mun san wannan labari yana da nauyi, musamman ga abokan aikinmu bakwai da ke jiran sakamako. Mai tambaya ya samu manajar ma'aikata a ofishinta daga ƙarfe 2 zuwa 4 kowace rana a wannan mako. Allah ya yi mana jagora."

Kin ga ba ta cika shafi biyu ba. Bari in nuna miki wuraren da na tsaya na yi tunani, don in kin zo gyarawa ki san abin da za ki taɓa da wanda za ki bari.

Labarin yana jimlar farko bayan sallama. Wasiƙun ofis ɗinmu sun saba buɗewa da dogon yabo, da tarihin kamfani, da halin da tattalin arziki ya shiga. Ma'aikaci ya san duk wasiƙar da ta fara da yabonsa akwai sanda a bayanta, sai ya tsallake yana neman inda aka ɓoye ta, hankalinsa na ƙara tashi da kowane layi. Haka kuma na rubuta "an riga an yanke", domin in kika ce "muna tunanin" ko "muna neman shawararku" alhali an gama, gobe za ki ga tawagar dattawa a ƙofar gidan Alhaji sun zo roƙo, ki ba su wahala, ki ba shi kunya.

Dalilin da na bayar na ƙirƙiro shi ne daga abin da na saba gani tsakanin masu sayarwa da masu jigila. Ki sa naku na gaske. Gwajinsa ɗaya ne: in yaron mota ya ji, zai ce "wallahi haka ake yi" ko kuwa zai taɓe baki? Ya san ranar da aka tura mota Maiduguri da rabin lodin bokitai, ya san ranar da dilan Sabon Gari ya zo da kansa yana faɗa a bakin get. Dalilin da ya gani da idonsa zai karɓa. Kalmomi irin su "inganta aiki" da "tafiya da zamani" ba su nuna masa komai. Kuma in rage kashe kuɗi yana cikin dalilan, a faɗa, jimla ɗaya ta isa. Kowa ya san kuɗin man gas da na lantarki, ɓoye shi raina hankali ne. Abin da za ki kiyaye shi ne kada dalilin ya zama tuhuma. Da kin rubuta "saboda jinkirin da ake samu a sashen jigila", kin raba sabon sashen gida biyu tun bai fara ba, masu laifi da masu gyara.

Sunan sashen ma ba ƙaramin abu ba ne. Da yake shugaban daga sayarwa ya fito, in aka bar sunan "sashen sayarwa" to mutum 22 za su ce an haɗiye su, su da suka fi yawa. Sabon suna ba ya cin ko sisi. In da hali ma, shugaban ya koma da teburinsa kusa da wurin lodi, maimakon a ce direbobi su riƙa hawa bene suna cire takalmi.

Sakin layin kuɗi shi ne wanda za a fi karantawa, har a haddace. Masu sayarwa suna rayuwa da kamasho, direbobi da alawus ɗin kwanan hanya, kuma kowane ɓangare yana zargin ɗayan ya fi shi samu. Da an ce an haɗe, tambayar farko ita ce ko za a daidaita. Kada ki rubuta "suna nan yadda suke" sai kin tambayi Alhaji da akanta sun tabbatar. In akwai niyyar taɓa su nan gaba, ki rubuta gaskiyar: ba za su canza ba har zuwa wata kaza, kuma za a zauna da wakilai kafin a taɓa su. Kada kuma ki yi alkawarin "ba za a ƙara rage kowa ba har abada". Ba a hannunki yake ba. Abin da za ki iya tsayawa a kai shi ne "wannan canji bai shafi kujerarka ba", shi ya sa na rubuta shi haka.

Inda ba a gama yanke magana ba, na faɗa, na kuma sa rana. A nan ne akasarin wasiƙu suke zamewa su ce "nan ba da jimawa ba in sha Allah". In sha Allah tana da wurinta, ki sa ta bayan kin faɗi ranar, kada ta zauna a madadin ranar. Kuma ranar ta zama kusa. Kwana goma zuwa mako biyu shi ne iyakar abin da mutum bakwai za su iya ɗauka suna zaune tebur da tebur, kowa na kallon ɗan'uwansa yana lissafin wa ya riga wa zuwa. In ya wuce haka za ki fara ganin alamu: ana kawo miki tsegumin juna, ana ɓoye littafin oda, wani ya fara rashin lafiyar da ba ta da asibiti.

Jimlar tausayi ɗaya na sa, kuma na sa ta a ƙarshe. Ban sa "mu duka 'yan gida ɗaya ne" ba, domin ba a sallamar ɗan gida da notis. Ban kuma sa "haka Allah ya ƙaddara" ba. Gaskiya ne komai da ƙaddara, amma wanda abin ya sama shi ya kamata ya faɗi haka don ya samu sauƙin zuciya. In wanda ya yanke hukuncin ne ya faɗa, sai ta zama mafaka. Haka nan kada Alhaji ya cika wasiƙar da irin baƙin cikin da shi ya ji da rashin barcin da ya yi. Wanda zai rasa albashi ba shi da wurin ajiye damuwar mai kamfani.

Sai akawun da zai tafi. Ba a cikin wannan wasiƙa za a ambaci sunansa ba, tasa daban ce, a hannu za a ba shi, a ofis mai ƙofa a rufe. Sashe na 11 na dokar ya yanka mafi ƙarancin notis: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye, kuma notis na mako ɗaya zuwa sama dole ya zama a rubuce. A ce wanda abin ya faɗa wa shekararsa uku, albashinsa naira 120,000. Doka ta ba shi mako biyu, amma in takardar ɗaukarsa ta ce wata ɗaya, wata ɗayan za a bi, ko a biya shi 120,000 a madadinsa. A kan wannan za a ɗora albashin kwanakin da ya yi aiki, da kuɗin hutun da bai ci ba, da kuɗin sallamar da aka sasanta a kai. Wasiƙarsa ta faɗi ƙarara cewa kujerar ce aka soke, ba laifi ya yi ba, ki kuma haɗa masa da takardar shaida mai kyau, don da ita zai nemi aiki a Bompai ko Challawa. In ma'aunin daɗewa ya nuna wani amma aka tsallake shi saboda ƙwarewa, to dalilin ya kasance a fayil tun kafin yau. In babu shi a rubuce, ki bi daɗewa kawai, musamman in wanda za a tsallake ɗan'uwan wani babba ne. Kowa ya san wa ya kawo wa.

Akwai wani rami da ake yawan faɗawa, ki leƙa shi tun yanzu. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, ya kuma yi wata huɗu bai samu wani ba, damar cire har kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa na fansho. Akawun nan zai je ya nema. In kamfani yana cire kashi 8 daga albashinsa amma an yi watanni ba a zuba ba, ko ba a haɗa da kashi 10 na kamfani ba, a ranar zai gano, kuma washegari duk kamfanin ya ji. Ki sa akanta ya duba asusun mutum taran nan, a cike duk giɓin da ke akwai kafin wasiƙa ta fita. Su kuma biyun da za su koma sito, da Baba, kowa a ba shi takardar sabon aikinsa. Sashe na 7 ya ce in sharuɗɗan aiki suka canza a sanar da ma'aikaci a rubuce cikin wata ɗaya. Ni dai na fi son a ba su tun kafin ranar haɗewa.

Ranar fitarwa ki zaɓi Litinin ko Talata da safe, lokacin da motoci ba su fita ba. Kada ki saki irin wannan takarda ranar Juma'a ana shirin masallaci, mutane su tafi da ita gida kwana biyu babu wanda za su tambaya sai junansu. Ki duba kalanda kuma, kada ranar sallamar akawun ta faɗo a makon sallah. A tara sassan biyu wuri ɗaya, a tsaye ma ya yi, Alhaji ko janar manaja ya karanta da Hausa da bakinsa, sannan a raba kwafi. In za ki fitar da ta Turanci saboda fayil da ma'aikatan da ba sa jin Hausa sosai, ki ajiye su gefe da gefe ki bi lamba-lamba da rana-rana. Na taɓa ganin inda ta Turanci ta ce "za a iya" ta Hausa ta ce "za a", aka kwana biyu ana rigima a kan kalma ɗaya. Direbobin da suke hanya, shugabansu na yanzu ya kira kowa a waya a ranar, kafin hoton takardar ya riske su a WhatsApp. Hoton kuwa zai fita, kafin azahar yana wayar dilolinku na Sabon Gari da Kurmi. Ki sake karanta wasiƙar da idon dila: in akwai layin da zai sa ya ɗauka kamfani na shirin rufewa har ya riƙe kuɗin da ake bin sa, ki gyara shi. Washegari kuma a aika wa diloli gajeren saƙo nasu, mai faɗin wanda za su kira in suna son oda da wanda za su kira in kaya ya makara.

A wurin taron za a yi tambayar da ba ki da amsarta. Ki ce za ki kawo amsa ranar kaza, ki rubuta a gabansu, ki kuma kawo. Kowace Litinin har ranar haɗewa ki manna 'yar takarda mai layi huɗu ko biyar: ga abin da aka gama, ga abin da ya rage. Ko babu sabon abu ki manna ki ce babu, domin makon da allo ya yi shiru, mai shayin bakin get ne zai ba da sanarwa.

In kuwa kin yi duk bayanin nan Alhaji ya kafe sai an sa jimlolinsa biyu, to ki rubuta masa gajeriyar takarda cikin ladabi, ki ce a fahimtarki waɗannan jimloli sun saɓa wa abin da aka yanke, kuma za su iya zama hujja a kan kamfani, ki ajiye kwafi. Ki miƙa masa wasiƙar da kika yarda da ita. In ya ƙara nasa a ciki, sa hannunsa ne zai hau, kada naki ya hau. Kafin a kai nan ma ki gwada ba shi mafita, don sau da yawa abin da babba yake nema hanyar sauka ce ba tare da an ce yarinya ta gyara masa magana ba. Ki nuna masa layin nan da ya ce babu direba ko yaron mota ko mai bin kasuwa da abin ya shafa, ki ce: Ranka ya daɗe, ga maganarka nan, mutum 27 cikin 36 an ce musu su kwantar da hankalinsu, kuma wannan za mu iya rantsuwa a kai. In kuma yana son ya ce babu wanda zai rasa aiki da gaske, to akawu ɗaya ne ya rage, ki tambaye shi ko akwai gurbi a ofishin akanta ko a wurin awo.